Zaɓen ranar aure da buɗe shago da lissafin wata da taurari: yadda ake yinsa da inda yake karyewa

In an gama maganar sadaki da lefe aka zo kan sa rana, yawancin gidaje abin da suke dubawa a bayyane yake: yaushe albashi zai shigo, yaushe za a gama girbi, yaushe kafinta zai gama kayan ɗaki, yayan amarya da ke Legas zai samu hutu ko ba zai samu ba. Amma har yanzu akwai gidajen da bayan an gama wannan duka sai wani kawu ko wata gwaggo ta ce a dakata tukuna a kai wa malam ya duba ranar. Haka ɗan kasuwa, ya kama shago ya zuba kaya ya sa fenti, amma ba zai ɗaga ƙofa ba sai an ba shi rana da sa'a. Mutane da yawa suna ɗauka malamin nan kawai runtse ido yake ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Akwai masu yin haka, ba musu. Amma asalin abin fanni ne mai littattafai da ƙa'idoji, Larabawa suna kiransa ikhtiyarat, kuma ina ganin gara mutum ya san yadda lissafin yake tafiya kafin ya yanke hukunci a kansa, don wanda ya san cikinsa shi ne zai iya nuna daidai wurin da ya lalace.

Abin ya daɗe sosai. Lokacin da halifa Mansur zai kafa Bagadaza a shekarar 762 miladiyya, masana taurarin fadarsa ne, su Naubakht da Masha'allah, suka zaɓa masa lokacin aza tubali, ranar 30 ga Yuli, a sa'ar da tauraron Mushtari yake hudowa daga gabas yana cikin burujin Ƙausu, ɗaya daga cikin yankuna 12 da suka raba sama, wanda a wurinsu gidansa ne. A ƙarni na 9 Sahl bin Bishr ya rubuta littafi sukutum kan zaɓen lokaci, kuma akasarin ƙa'idojin da ake maimaitawa yau daga Iran har ƙasashen Turai za ka same su a can. Ƙasarmu ma ba a bar ta a baya ba, Muhammad al-Katsinawi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 ya yi littafin Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Saboda haka in ka ji tsohon malamin hisabi a Kano ko Damagaram yana ambaton Zuhal da Mushtari, ba shi ya ƙirƙiro ba, gado ne ya tarar.

Toh yaya ake yi? Kusan rabin aikin duka a kan wata yake, saboda shi ne mai saurin tafiya. Sama an raba ta buruji 12, kowane digiri 30, wata kuma yana cin kusan digiri 13 a kwana, kaga kenan duk kwana biyu da 'yan awoyi ya bar wani buruji ya shiga wani, ya zagaye su duka a kwana 27 da ɗoriya. Akwai kuma rabon manzili 28 wanda manoma da makiyaya suka fi sani, irin su Surayya da mu muke cewa kaza da 'ya'yanta, kusan kowane dare wata yana kwana a manzili ɗaya. Zuhal kuwa sai ya shekara biyu da rabi a buruji ɗaya, Mushtari shekara guda, ba wanda zai ɗaga biki ya jira su. Shi ya sa mai zaɓen rana wata yake bi.

Abin da yake nema a jikin watan shi ne ya kasance yana ƙaruwa, wato tsakanin tsayuwarsa da daren sha huɗu, don a tunaninsu abin da aka fara hasken wata na ƙaruwa shi ma zai yi ta ƙaruwa. Ba ya son ƙarshen wata lokacin da ya matso kusa da rana ya ɓace, sun ce ya ƙone. Yana so ya same shi a Saraɗan wanda shi ne gidansa, ko a Sauru inda suke cewa nan ne ɗaukakarsa. Yana gudun Jadyu, yana kuma gudun Aƙrabu fiye da komai, don nan ne faɗuwarsa, har ma daga tsakiyar Mizan zuwa tsakiyar Aƙrabu suna kiran wurin ƙonanniyar hanya. A Iran da Iraƙi har yau akwai kalandun da ake bugawa da alamar ranakun da wata ke cikin Aƙrabu don masu ɗaura aure su kauce. Bayan wannan sai a duba wane tauraro watan zai fara haɗuwa da shi a gaba: in Mushtari ne ko Zahra an ji daɗi, su ne taurarin sa'a, in Zuhal ne ko Mirriku an ɓata, su ne na nahisa.

Aure kuma yana da nasa ƙarin sharaɗi, Zahra, wadda muke ce wa Zara matar wata. Ita suka ba harkar soyayya da zaman aure, dole ta kasance lafiya: ba ta manne da Zuhal ko Mirriku ba, ba ta ɓace cikin hasken rana ba, kuma ba tana komawa da baya ba. Wannan komawa da bayan abu ne na gaske da ido ke iya bi, duk bayan wata 19 Zahra takan yi kamar kwana 40 ana ganinta tana ja da baya a tsakanin taurari. Ba wai ta juya ba ne, ita ce take wuce duniyarmu ta layin ciki a zagayen rana, sai mu da muke kallo daga nan mu ga kamar ta koma.

Bari mu ɗauki lokaci na gaske mu auna, don a baki abin yana da sauƙi. Ƙaramar sallar 2025 a Najeriya ta kama Lahadi 30 ga Maris, kowa kuma ya san yadda ake turuwar ɗaura aure a Shawwal. A ce wasu iyaye sun zo wurin mai wannan lissafi sun ce muna son Juma'a ɗaya bayan salla, zaɓa mana.

Juma'ar farko 4 ga Afrilu, 6 ga Shawwal. Da kallon farko ta yi kyau ƙwarai, wata yana ƙaruwa kuma yana cikin Saraɗan gidansa. Amma Mirriku ma yana cikin Saraɗan a lokacin, watan kuma kansa ya nufa, washegari Asabar da dare duk wanda ya ɗaga kai ya gan su dab da juna. Ga Zahra tun farkon Maris take komawa da baya ba ta gama ba, kuma tana gefen Zuhal a ƙarshen burujin Hutu. Malam zai ce a bar wannan.

Ta biyu 11 ga Afrilu. Wata ya kusa cika, yana farkon Mizan wanda gidan Zahra ne, nan ma ba laifi. Sai dai Zahra ba ta miƙe ba tukuna, sai wajen 13 ga wata ta tsaya ta juyo, watan kuma saura kwana ɗaya ya faɗa ƙonanniyar hanya, wato in an ɗaura Juma'a aka kai amarya Asabar ko Lahadi to a cikinta aka tare. Ƙari a kan haka ranar ta kama 13 ga Shawwal, akwai kuma wani jerin ranakun nahisa da ke yawo a hannun mutane, 3 da 5 da 13 da 16 da 21 da 24 da 25 na kowane watan musulunci, wanda ba ruwansa da inda taurari suke amma malamai da yawa suna haɗawa da shi. Ita ma ta faɗi.

Ta uku 18 ga Afrilu, Zahra ta miƙe, amma yanzu wata ne yake raguwa, kuma da yammacin ranar yake shiga Jadyu. Ta huɗu 25 ga Afrilu ta fi duka muni a ma'auninsu, wata ya zama siriri saura kwana biyu ya ɓace, Zahra kuma a ranar ta sake haɗuwa da Zuhal. Shawwal ya ƙare kenan ba a samu Juma'a ko ɗaya ba. Sai 2 ga Mayu a farkon Zulƙida: sabon wata yana ƙaruwa, ya dawo Saraɗan, Mirriku ya riga ya fice zuwa Asad tun 18 ga Afrilu, Zahra tana tafiya gaba. Wannan ita mai lissafi zai fi karkata gare ta. Amma ko ita ba ta fita fes ba, don kwana biyu kafin nan Zahra ta shiga Hamal, wanda a ƙa'idarsu wurin rauninta ne.

Juma'a biyar, babu wadda ta cika sharuɗɗa. Kuma ba wai shekarar ce ta zo da matsala ba, haka abin yake kullum, sharuɗɗan sun yi yawan da da wuya su taru a rana ɗaya. Su kansu masu littattafan sun san haka, shi ya sa suke cewa in ba ka iya gyara komai ba to ka gyara wata da burujin da ke hudowa daga gabas a lokacin. Ma'ana a ƙarshe mutum ne yake zaɓar aibin da zai haƙura da shi. Wannan wurin nake so a riƙe, don shi ne ya sa ba a taɓa kama lissafin da kuskure. In auren 2 ga Mayu ya yi albarka a ce ai wata yana gidansa, in ya mutu a ce ai dama Zahra tana Hamal. Duk yadda ta kaya akwai amsa a ajiye tun kafin a tambaya, abin da kuwa ba yadda za a yi ya faɗi jarrabawa to ba a jarraba shi ba.

Bayan rana sai sa'a, wannan ma ya fi yaɗuwa a wurinmu don ba ya buƙatar sanin inda taurari suke. Kowace rana an ba ta tauraro: Lahadi rana, Litinin wata, Talata Mirriku, Laraba Uɗaridu, Alhamis Mushtari, Juma'a Zahra, Asabar Zuhal. Sai a raba tsakanin fitowar rana da faɗuwarta kashi 12, sa'ar farko ta mai ranar ce, sauran su biyo a jere: Zuhal, Mushtari, Mirriku, rana, Zahra, Uɗaridu, wata, in an ƙare a sake komawa farko. A Kano ranar 2 ga Mayu rana tana fitowa wajen 6:06 ta faɗi wajen 6:40, kowace sa'a kenan minti 63 ce ba 60 ba. Sa'ar Zahra ta farko daga hudowar rana ce zuwa bakwai da 'yan mintuna, sannan ta sake zagayowa a sa'a ta takwas, daga wajen 1:27 zuwa 2:30 na rana, wanda ya yi daidai da lokacin da ake saukowa daga masallaci a ɗaura aure a wurare da yawa. In liman ya ja huɗuba ko waliyyi ya makale a go-sulo aka wuce biyu da rabi, an fita daga Zahra an shiga Uɗaridu, in aka kai bayan huɗu da rabi kuwa Zuhal ne. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya fara ƙirga daga ƙarfe shida daidai da awa mai minti 60 duk shekara, alhali a Agadas ko Kumasi lokacin fitowar rana daban ne, na Disamba ma ba ɗaya yake da na Yuni ba. In ka ga an ba ka takardar sa'o'i guda ɗaya an ce ta yi maka a ko'ina a kowane wata, to ko a ma'aunin masu fannin ba a yi lissafi ba.

Na shago bai bambanta sosai ba, sai dai a maimakon Zahra Uɗaridu ake kallo don shi suka ba ciniki da rubutu da lissafin kuɗi, sai Mushtari na arziki, shi ya sa ake yawan ba 'yan kasuwa Laraba ko Alhamis. Uɗaridu kuma sau uku a shekara yake komawa da baya, kowane karo kusan sati uku. A misalinmu daga 15 ga Maris zuwa 7 ga Afrilu yana baya, bayan ya miƙe ma yana cikin Hutu wurin faɗuwarsa har tsakiyar Afrilu, yana fita kuma wata ya fara raguwa. Wato mai shagon atamfa ko takalma da ya shirya buɗewa a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kasuwar kayan salla take ci kamar wuta, za a ce masa ya jira har ƙarshen Afrilu. Ya rasa cinikin da ya fi kowane a shekara, kuɗin haya yana tafiya, kaya suna shan ƙura a cikin leda, wanda ya ba shi bashin kaya kuma ba ruwansa da Uɗaridu. Wannan asara ce da za a iya ƙirgawa da naira, ribar jiran kuwa ba wanda ya taɓa nuna ta a ƙirge.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan zurfi, wadda yawancin masu zuwa duba ba su san da ita ba. Burujin da ake lissafi da shi iri biyu ne. Na farko yana farawa daga inda rana take ranar 20 ko 21 ga Maris lokacin da dare da yini suke daidaita, da shi na yi misalin sama, shi ne kuma na Turawa. Na biyu yana bin taurarin da ido ke gani, shi Indiyawa suke bi. Shekaru kusan 1,700 da suka wuce su biyun a wuri ɗaya suke, amma saboda wani ɗan layi da duniya take yi a juyawarta suna rabuwa da digiri ɗaya duk shekara 72, yau tazarar ta kai wajen digiri 24, tafiyar wata ta kusan kwana biyu kenan. A Afrilun 2025 mai lissafin farko zai ce maka wata ya shiga Aƙrabu Lahadi 13 da rana ya fita kafin asubahin Laraba 16. Mai na biyu zai ce a'a, Talata 15 ya shiga bai fita ba sai cikin daren Alhamis 17. In kuma ka fita tsakar gida a daren Laraba 16 ka duba da idonka, za ka ga watan a gefen jan tauraron nan da ake kira zuciyar kunama, a daidai daren da na farko ya ce an wuce haɗari. Ranar Litinin ɗin da ɗaya ya hana, ɗayan ya halatta, ranar Alhamis ɗin da ɗaya ya ba ka, ɗayan ya ce kul. Dukkansu kuma suna da almajirai da suke rantsuwa sun jarraba sun ga daidai.

Sannan wane lokaci ne ma farkon auren? Ranar da aka kai kuɗin gaisuwa, ko lokacin da waliyyi ya ce na ba shi wakilin ango ya ce na karɓa, ko daren da aka kai amarya? A wurinmu tsakanin ɗaurin aure da tarewa wani lokaci kwana ɗaya ne, wani lokaci wata uku. Shago ma haka, ranar biyan haya ce ko ranar zuba kaya ko cinikin farko? Kowane malami da abin da yake ɗauka. Shi kansa Sahl a farkon littafinsa ya yi gargaɗi cewa zaɓen lokaci abu ne mai rauni in ba a san lokacin haihuwar wanda ake zaɓa wa ba, don a tsarinsu ranar da ta dace da wani tana iya zama sharri ga wani. To mu nawa ne muka san awa da mintin da aka haife mu? Da yawanmu ranar ma sai dai a ce shekarar da aka yi kaza. Malaman da suka ga wannan giɓi sai suka cike shi da lissafin sunan mutum da na mahaifiyarsa da haruffan abajada, wanda wani fanni ne daban da ba shi da alaƙa da inda wata yake.

Bagadaza ma da aka tara manyan masana aka zaɓa mata lokaci, an ruwaito cewa sun yi wa Mansur albishir ba halifan da zai mutu a cikinta. A shekarar 813 aka kashe halifa Amin a cikin garin bayan yaƙinsa da ɗan'uwansa Ma'amun, Ibnul Ƙayyim ma ya kawo wannan cikin hujjojinsa a kan masu taurari.

Ta ɓangaren addini malamai sun raba ilimin taurari biyu, kuma rabon ya yi daidai da abin da muka gani a sama. Akwai sanin tafiyarsu, inda wata yake yau, yaushe zai tsaya, ina alƙibla, yaushe damina take kamawa, wannan ba wanda ya hana, Alƙur'ani da kansa a suratu Yunus da Yasin ya ambaci manzilolin wata, a Yunus ma ya ce don a san ƙidayar shekaru da lissafi. Duk abin da na faɗa na cewa ranar kaza wata yana wuri kaza daga wannan ɓangaren yake, kowa zai iya dubawa ya tabbatar. Sai ɗaya ɓangaren, cewa zaman watan a wurin zai sa aure ya yi daɗi ko ya ɓaci, shi ne wanda hadisin Ibn Abbas a Abu Dawud ya haɗa da sihiri, shi ne kuma irin abin da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kansa a Hudaibiyya bayan an kwana ana ruwa, game da masu cewa an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Abin da ya sa lamarin yake ruɗar mutane shi ne ɓangarorin biyu a baki ɗaya suke fitowa. Malam ya gaya maka daren Asabar za ka ga wata kusa da wani jan tauraro, ka fita ka gani da idonka haka ne, sai zuciyarka ta ba ka cewa sauran maganar ma haka take, alhali na farkon lissafi ne na biyun kuwa da'awa ce.

Shawwal ɗin nan ma da muka ga ya ƙare ba Juma'a mai kyau, Larabawan jahiliyya suna camfa aure a cikinsa, shi ne Nana A'isha take cewa, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, a Shawwal aka ɗaura aurenta a Shawwal ta tare, kuma ta kasance tana son matan danginta su tare a watan. Abin da ya fi damuna a harkar ba kuɗin da ake ba malam ba ne, abin da ake dasawa a zuciyar yarinya ne. An ce ranar ba kyau amma an riga an buga kati an kama wurin biki dole aka yi, maganar kuma ta kai kunnenta ta bakin wata gwaggo. Wata biyu da tarewa suka yi saɓani irin wanda kowane sabon aure yake yi, kan cefane ko kan dawowa gida da dare, maimakon a zauna a sasanta sai ta tuna an ce dama ranar nahisa ce, uwarta ma ta tuna, sai ka ga an fara maganar ta dawo gida tun ba a kira waliyyai an ji ta bakin mijin ba.